Minti goma ranar Talata: yadda buƙata ɗaya ke maye gurbin "sai mun ji daga gare ku"

Duk wanda ke karɓar saƙonnin 'yan kasuwa da masu neman aiki ko kwangila ya ga yadda ƙarshen wasiƙa ya sauya. A da, bayan gaisuwa da bayanin kaya, mai rubutu kan rufe da "muna fatan yin hulɗa da ku" ko "a tuntuɓe mu idan akwai buƙata". Yanzu masu sana'ar da suka goge sun koma rufewa da tambaya guda mai rana da lokaci: "Zan iya kiranki na minti goma ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya?" Salon ya yi ƙarfi ne a wurin masu tallan manhaja na Amurka, waɗanda ke aika imel ga mutanen da ba su taɓa gani ba, amma ya iso hannun mai haɗa sola a Kano da mai ɗinkin kayan makaranta a Zariya, domin matsalarsu iri ɗaya ce.

Matsalar ita ce, gayyata marar rana tana ɗora wa wanda aka rubuta wa aikin da bai nema ba. Mu ɗauki mai makarantar kuɗi da aka ce mata "a tuntuɓe mu". Kafin ta amsa, sai ta yanke shawara ko tana son kayan, ta zaɓi kira ko rubutu, ta duba lokacin da take da sarari, sannan ta tsara abin da za ta ce. Shawarwari huɗu ke nan, a kan wayar da take dubawa tsakanin iyayen yara da malamai masu jiran albashi. Ba ƙin kayan take yi ba. Cewa take yi "bari na natsu na amsa", natsuwar kuma ba ta zuwa, saƙon ya nutse ƙarƙashin wasu ɗari. Wanda ya sa rana da lokaci ya ɗauke mata uku daga cikin huɗun, ya bar mata e ko a'a.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gwada wannan, tun kafin a san imel. A 1965, Howard Leventhal da abokan aikinsa sun ba ɗaliban Jami'ar Yale takardu kan haɗarin cutar sarƙewar haƙora, suna kwaɗaitar da su yin allurar rigakafi. An tsorata wasu sosai da hotuna, wasu kuma aka yi musu bayani a sauƙaƙe. Tsoron ya sa ɗalibai sun ce za su je, amma bai kai ƙafarsu asibiti ba. Abin da ya kai su shi ne taswirar harabar jami'a da aka zagaye asibitin a jikinta, da lokutan da ake yin allurar, da umarnin kowa ya duba jadawalinsa ya zaɓi lokaci. Kusan kashi 28 cikin ɗari na waɗanda aka ba wannan bayani sun je, sauran kuwa kimanin kashi 3 kacal. Abin lura, ɗaliban nan 'yan ajin ƙarshe ne, sun san inda asibitin yake. Taswirar ba ta koya musu sabon abu ba, ta mayar da niyya ta zama shiri ne kawai.

Ɗaliban gwajin ba su da yawa, don haka bai kamata a ɗauki wannan tazara a matsayin doka ba. Wani bincike mai faɗi da Katherine Milkman da abokanta suka buga a 2011 ya fi nuna girman abin a zahiri. An aika wa ma'aikatan wani kamfani a Amurka, su sama da 3,000, takardar tunatarwa kan allurar mura kyauta. Cikin waɗanda aka gaya wa wuri da ranaku kawai, kimanin kashi 33 ne suka je. Waɗanda aka ce su rubuta rana da sa'ar da za su je, sun kai kusan kashi 37. Waɗanda aka ce su rubuta rana kaɗai, ba sa'a, ƙarin nasu ɗan kaɗan ne. Wannan ne ma'aunin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe: sa lokaci yana ƙara amsa, amma ba ya mayar da wanda ba ya so ya koma mai so.

Game da taƙaita buƙata zuwa ɗaya, masu koyar da talla sun fi son kafa hujja da gwajin Sheena Iyengar da Mark Lepper na 2000, inda aka baje kwalaben jam a wani kanti a Kalifoniya, wani lokaci iri 24, wani lokaci iri 6. Cikin waɗanda suka tsaya a teburi mai iri shida, kusan kashi 30 suka saya, a ɗaya teburin kuwa kashi 3. Labarin ya yi daɗin bayarwa, amma a 2010 Benjamin Scheibehenne da abokansa sun tattara gwaje-gwaje 50 irin wannan, suka tarar idan aka haɗa su, tasirin yawan zaɓi ya kusa zama babu. A ganina hujjar buƙata ɗaya ta fi wannan sauƙi. Idan ka ce wa mutum ya kira ka, ko ya duba hotunan aikinka, ko ya tura wa abokansa, zai zaɓi mafi arha a wurinsa, ya duba hoto biyu, ya ji ya sauke nauyi. Kai da kanka ka buɗe masa ƙofar fita.

Mu bi misali guda daki-daki. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, masu haɗa sola suka yawaita, kowa na neman makarantu da ɗakunan gwajin jini da shagunan magani. A ce wani matashi ya samu lambar mai wata makaranta ta hannun wanda ya taɓa yi wa aiki. Saƙon da aka saba gani shi ne: "Salamu alaikum Hajiya. Muna haɗa sola mai inganci a farashi mai rahusa. Muna fatan yin aiki da makarantarku. Sai mun ji daga gare ku." Ba laifi a ladabinsa, amma babu abin amsawa a ciki, in ban da "to, Allah ya taimaka".

Ga wanda ya fi: "Salamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Malam wane ne ya ba ni lambarki, ni na haɗa masa solar shagonsa bara. Ya ce min janareta ne ke riƙe da ɗakin kwamfutarku. In kin ba ni izini, zan kira ki ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya, minti goma kawai, in tambayi awa nawa janaretan ke yi a rana da na'urorin da ke kansa. Daga nan zan turo miki lissafin kuɗin a rubuce, ko da ba za ki saya ba. In Talata ba ta yi ba, ki faɗi ranar da ta fi miki."

Gaisuwar tana nan, sunan wanda ya haɗa su yana nan, ba a rage komai daga girmamawa ba. Abin da aka ƙara shi ne rana, da tsawon kiran, da abin da za a yi a cikinsa, da abin da Hajiya za ta samu. Na ukun nan shi ne wanda aka fi mantawa. Kiran yana da dalili na gaske, domin ba a iya faɗin kuɗin sola sai an san nauyin. Idan ta ce kwamfuta ashirin ne, kowace tana jan wat 100, ga fankoki shida masu wat 70, jimilla wat 2,420 ke nan, a awa biyar kuma kimanin yunit 12 a rana. Da wannan ne zai san girman inbata da yawan batir da faifan da za a ɗora. Mai rubuta "farashi mai rahusa" bai ma san abin da zai sayar ba tukuna.

Wasu na ganin sa wa babba rana rashin kunya ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce iyaka ta farko. Kayan aikin da Turawa ke amfani da su, irin su Calendly, wanda Tope Awotona, haifaffen Legas, ya kafa a Amurka a 2013, suna ba mutum jadawalinka ya zaɓi gurbi da kansa. Tsakanin sa'o'i wannan sauƙi ne. Amma yaro ya tura wa Alhaji mai kamfani jadawali ya ce ya zaɓa, ya juya matsayi, kamar Alhajin ne ke neman ganinsa. A irin wannan hali buƙatar ɗaya ba ta sauya ba, siffarta ce ke sauyawa: "Ranka ya daɗe, wa zan gani a ofis kan maganar wuta?" Tambaya ce guda, amsarta suna guda. Kuma Bahaushe bai rasa sanin amfanin sa lokaci ba. Katin ɗaurin aure ba ya cewa "ku zo in kun samu dama", yana faɗin rana da sa'a da masallaci, ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin ladabi.

Iyaka ta biyu ta fito ne daga nasarar salon kansa. Da kowa ya koyi neman "minti goma sha biyar", sai masu karɓar saƙo suka gane cewa sau da yawa minti sha biyar ɗin kan zama arba'in na talla. Kiran da ba a faɗi abin da za a yi a cikinsa ba, gayyata ce marar kan gado da aka liƙa wa agogo. Shi ya sa ga wanda bai san ka ba sam, ba kuma wanda ya haɗa ku, kira ma ya yi tsada a matakin farko. Gara a nemi abin da za a amsa da babban yatsa: "In turo miki lissafin da na yi wa wata makaranta mai girman taku?" Wanda kuma ya yi alkawarin minti goma, ya tsaya a goma, ya ce "Hajiya lokacin da na nema ya cika", ita za ta ƙara in tana so.

Sai batun gane ko salon na aiki. A nan ƙirga amsoshi yaudara ce, musamman a wurinmu, inda kunya ke hana mutum cewa a'a ƙarara. Saƙo mai rana zai jawo "to, in sha Allahu" da yawa, wasu da niyya, wasu don a rabu lafiya. Abin ƙirgawa shi ne kiran da aka ɗauka, da lissafin da aka nema bayan kiran. Idan mutane na amincewa amma wayar na ta ƙara ranar Talata ba a ɗauka, to ko dai dalilin kiran bai gamsar ba, ko lokacin bai dace ba. Mai makaranta ba ta da kanta da ƙarfe takwas na safe ko lokacin tashi, mai shago a Kantin Kwari bai da sarari da hantsi, ranar Juma'a kuma daga sha biyu zuwa uku ba ta kowa ba ce. Idan kuwa shiru ake yi gaba ɗaya, matsalar ta fi yiwuwa a saman saƙon take, wato ba a san ko kai wane ne ba, ko wa ya ba ka lambar. Saƙo goma ko ashirin ba sa isa yanke hukunci, domin bambancin mutum biyu sa'a ma kan kawo shi.

In ranar ta zo Hajiya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kada mai haɗa solar ya kira. Izini ya nema, ba a ba shi ba, shiru kuma ba izini ba ne a ciniki. Ya bari kwana uku ko huɗu, ya sake tura layi biyu da wata rana, ko ya sauko da buƙatar zuwa tambayar awa nawa janaretan ke yi, wadda za ta iya amsawa da lamba ɗaya. In wannan ma ya tafi shiru, ya koma wurin wanda ya ba shi lambar ya ji ko akawun makarantar ne ke riƙe da maganar wuta.