Kabad ɗin banɗaki: Tsakanin allon MDF, katako da roba, wanne ke jure ruwa?

A sababbin gidajen da ake ginawa a Kano, Kaduna da Abuja, ya zama ruwan dare a ga an ɗora abin wanke hannu a kan ɗan kabad mai ƙofa biyu, inda ake ajiye sabulu, man goge baki da kayan wanke banɗaki. Ranar da aka kafa shi yana sheƙi, amma sau da yawa kafin a ga damina biyu gindinsa ya kumbura, ƙofa ta daina rufuwa, fatar jikinsa ta fara ɗayewa.

Maigida ya kan zargi kafinta, kafinta ya ɗora wa mai sayar da allo. Galibi dai matsalar daga zaɓin kaya take. Yawancin irin waɗannan kabad an tsara su ne don banɗakin da aka killace wurin wanka da gilashi ko baho, daɓen ya zauna a bushe. Namu kuwa a nan ake wanka da bokiti, a nan ake amfani da buta, sannan a kwara ruwa a wanke tayil. Tambayar da za a fara yi ita ce: idan ruwa ya kwanta a gindin kabad ɗin kullum, me zai faru?

Allon da aka matse: daga baki yake mutuwa

MDF garin katako ne mai laushi da aka cuɗa da gam, aka matse da zafi har ya zama allo. Akwai ƙaninsa da ake yi da ɓarɓashin katako, wanda idan an yanka za a ga hatsi-hatsi a ciki, kuma ya fi shi rauni. Kafintoci na son MDF saboda santsinsa da sauƙin sassaƙa. Shi ya sa ƙofofin nan masu zane, da ake lulluɓewa da fatar roba a cikin inji, akasari shi ne a cikinsu.

Fatar da ke fuskar allon ba ta shan ruwa. Inda ruwa ke shiga shi ne bakin da aka yanka, ramin sukuru, da hujin da mai gyaran famfo ya yi don bututu ya wuce. Da ya shiga, zaren katakon da aka danne da ƙarfi sai ya miƙe, gam ɗin da ke riƙe shi ya saki. Ko an shanya shi a rana, ba zai koma kaurinsa na da ba.

Ma'aunin da masana'antun Turai ke bi ya nuna girman abin. Ana jiƙa guntun allo a ruwa na awa 24, a auna kaurinsa. MDF na yau da kullum mai kaurin milimita 18 an yarda ya kumbura har kashi 12 cikin ɗari, wato kamar milimita biyu a kwana ɗaya, kuma a ce ya ci jarrabawa. Wanda aka yi don wuri mai laima, da akan rina cikinsa da kore, iyakarsa kashi 8. Ke nan shi ma yana kumbura, jinkiri kawai yake yi. Tururin wanka zai jure, amma ban da ruwan da ya kwanta. Koren kuma rini ne kawai da ake sawa don shaida, ba shi ne ke hana ruwa ba, kowa na iya zuba shi.

A yi hattara da kalmar da wasu masu shago ke faɗa, cewa kabad ɗin "na PVC ne". Sau da yawa fatar ce kawai ta roba, ciki MDF ne. A buɗe ƙofa a leƙa ramin da aka zaunar da hinji, ko a zagaya baya inda ba a rufe baki ba. Idan launin ƙasa-ƙasa ne mai gari, to allon matsi ne. Haka ma sunan HDF: a kasuwa ana liƙa shi ga alluna iri-iri, don haka bakin allo za a duba, ba abin da aka rubuta a rasit ba.

Filawud ya fi su dama-dama, domin falle-fallen katako ne na gaske da aka jera gicciye, kowane falle yana hana na kusa da shi motsi. Abin lura shi ne gam ɗinsa. Mai jure ruwa akan ga layi mai duhu tsakanin fallayen. Amma baƙin allon nan da magina ke kira marin, wanda ake zuba kankaren dakin a kansa, ba lallai ba ne ya kai ingancin na jirgin ruwa. Wani idan an yanka, cikinsa duk ramuka ne.

Katako zalla: damina ta buɗa, hunturu ya tsuke

Katako ma yana shan ruwa, amma ya bambanta da MDF ta fuska guda: idan ya bushe yana komawa kusa da yadda yake. Matsalarsa a Arewa ita ce tazarar da ke tsakanin lokutan shekara. A watan Agusta iska cike take da laima, a Janairu kuwa hunturu ya busar da komai. Katako yana buɗewa da tsukewa ta faɗinsa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Ƙofa mai faɗin rabin mita da aka yi da falanki ɗaya za ta iya motsa milimita biyar ko fiye tsakanin lokutan biyu. Shi ya sa take cijewa da damina, ta bar tsaga da sanyi.

Tsofaffin kafintoci sun san maganin wannan. Suna yin firam, su zura allon tsakiya cikin kwarmi ba tare da gam ba, ya samu wurin numfashi. Wanda ya manne shi ƙam, tsagewa zai biyo baya.

Irin itacen ma yana da muhimmanci. Loko, wanda aka fi sani da iroko, da kawo da tik suna jure ruɓa sosai, maɗaci na biye da su. Farin katako mai sauƙin nauyi irin obece bai dace da banɗaki ba ko kaɗan. Ko a itace mai kyau, jan cikin ne mai juriya, farin gefen da ke kusa da ɓawo shi gara da ƙwari ke fara ci. Ruɓa kuma ba ta kama katakon da danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba, sai wanda ya daɗe a jiƙe. Saboda haka ƙafar kabad da ke tsaye cikin ruwa kullum za ta ruɓe ko da ta loko ce, lokaci kawai za ta ɗauka, domin kan katako da aka yanka yana zuƙar ruwa fiye da kowane gefe.

Wani tarkon shi ne ɗanyen katako. Wanda aka sauke daga mota aka yi aiki da shi nan take, hunturun farko zai murɗe shi. Sannan fenti ko banish a shafa shi ko'ina, har ciki da baya da ƙasa. Shafa fuska kaɗai yana sa gefe ɗaya ya sha laima ɗayan bai sha ba, allon ya lanƙwashe.

Roba: ruwa ba ya cin ta, amma tana da nata rauni

Allon PVC fari ne har cikinsa, mai ƙananan kumfa rufaffu. Ba ya kumbura, ba ya ruɓa, gara ba ta samun abinci a jikinsa. Idan maganar ruwa ce kaɗai, ya yi wa sauran fintinkau.

Inda yake gazawa shi ne riƙon sukuru. Hinjin da ake buɗewa sau goma a rana yana iya kwance ramin, ƙofa ta rataye. Dogon kanta yana lotsawa idan an ɗora masa nauyi, kuma zafi mai tsanani na sa shi laushi, don haka kada a jingina shi da bututun ruwan zafi. Ingancinsa a nauyinsa yake. Cikakken allo mai ƙafa 4 da ƙafa 8, kaurin milimita 18, idan mai kyau ne zai kai kilo 29 zuwa 30. Wanda ya tsaya a kilo 24 iska ta yi masa yawa. A danna farce a bakinsa: idan ya shige cikin sauƙi, sukuru ma ba zai zauna ba.

Misali: banɗaki mai mita 1.5 da mita 2

A ɗauka banɗakin ɗakin barci ne, babu shinge tsakanin shawa da abin wanke hannu, ana son kabad mai faɗin santimita 60. Ruwa zai zo masa ta hanya uku: daga ƙasa lokacin wanka, daga sama ta tsagar da ke tsakanin abin wanke hannu da bango, da kuma daga ciki idan mahaɗar bututu tana ɗiga. Na ukun ne ya fi ɓarna domin a ɓoye yake.

A irin wannan wuri, ra'ayina shi ne a cire MDF daga lissafi gaba ɗaya, har mai koren. Gangar jikin a yi ta da PVC mai nauyi, kaurin milimita 18. A rataye kabad ɗin a bango, ya tashi daga ƙasa da aƙalla santimita 20 zuwa 30, yadda tsintsiya da ruwa za su wuce ta ƙarƙashi. Nauyin abin wanke hannu kuma a ɗora shi a kan ƙarfen da aka kafe a bango, kada a bar wa robar. Inda bangon ba zai ɗauka ba, a sa ƙafafun roba ko na alminiyom.

Ƙofa ita ce inda mai son kyan katako zai iya kashe kuɗinsa, tun da ba ta taɓa ƙasa: loko busasshe, mai firam, an shafe shi ta kowane gefe. Idan da roba za a yi ta, a ɗaure hinji da noti mai ratsa allon, ko a sa sukuru mai manyan zare a ɗaure da hannu, domin inji yana cinye ramin. Hinjin ya kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 304. Idan maganaɗisu ya manne wa farantinsa da ƙarfi, ƙarfe ne aka yi wa wanka. Rashin mannewar dai ba hujja ba ce cewa 304 ne. A bi tsagar bango da silikon, a bar baya a buɗe ko a huda shi don iska.

Da a ce banɗakin baƙi ne da ba a wanka a ciki, MDF mai jure laima zai yi shekaru, muddin an rufe duk bakinsa, an shafe hujin bututu da fenti ko silikon, an kuma ɗaga shi daga ƙasa.

Kafin a biya kafinta kuɗin kaya, a karɓi guntun allon da zai yi aiki da shi, kamar faɗin tafin hannu, a raba biyu. A jefa ɗaya a bokitin ruwa ya kwana, ɗayan a ajiye. Washegari a jera su a kan tebur a shafa da yatsa. Idan jiƙaƙƙen ya ɗara ɗan'uwansa kauri, ko fallayensa sun fara rabuwa, a bar shi ya bushe kwana uku a sake gwadawa. Wanda bai koma ba, a yi kabad ɗin falo da shi.