Jirgin da ya isa kafin ranar tashinsa

A shekarar 1688, Yarima William na Orange ya taso daga Holand da jiragen ruwa na yaƙi ranar 11 ga Nuwamba, ya sauka a gaɓar Ingila ranar 5 ga Nuwamba. Wanda ya ɗora takardun ƙasashen biyu gefe da gefe zai rantse akwai wanda ya yi kuskure. Alhali kowa daidai ya rubuta, kalandarsu ce ba ɗaya ba.

Tsohuwar kalandar Juliyas tana ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu, wato ta ɗauka shekara kwana 365 ce da awa shida cif. Amma zagayen rana ya gaza hakan da kamar minti 11. Abin kamar wasa, sai ga shi duk shekara 128 an sami rarar kwana guda. Da ɓarakar ta kai kwana 10, har lissafin bikin Ista ya karkace, sai Fafaroma Gregory na 13 ya ba da umarnin gyara a 1582. A Spain da Portugal mutane suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga wata. Jerin ranakun mako bai motsa ba, kuma babu wanda aka rage wa kwanan duniya; lambobi kawai aka tsallake.

Holand ta bi sahu ba da jimawa ba. Ingila kuwa, da yake ba ta ga maciji da Fafaroma, ta ƙi. Saboda haka ranar da William ya tashi, 1 ga Nuwamba ce a lissafin Ingila, ranar da ya sauka kuma 15 ga wata ce a lissafin Holand. Tafiyar kwana huɗu ce kawai, ko ta wanne aka ƙirga, muddin ba a gauraya su ba.

Inda masu bincike suka fi zamewa shi ne zaton tazarar kullum kwana 10 ce. Sabuwar kalanda ba ta ba shekarun 1700 da 1800 da 1900 ranar 29 ga Fabrairu ba, tsohuwar kuwa ta ba su, don haka kowaccensu ta ƙara kwana ɗaya a tsakani. Shi ya sa da Birtaniya ta sauya a 1752, kwana 11 ta tsallake, daga 2 ga Satumba zuwa 14. Rasha da ta yi jinkiri har 1918, kwana 13 ta zubar: 31 ga Janairu, washegari 14 ga Fabrairu.

Wani lokaci ma har shekarar sai an gyara, domin a da Ingila da ƙasashen da take mulka sai 25 ga Maris suke shiga sabuwar shekara. George Washington an haife shi ne ranar 11 ga Fabrairun 1731 a tsohon lissafi, amma littattafan yau 22 ga Fabrairun 1732 suke rubutawa.