Shin Ko Kun San? Lissafin Taima da Ke Ba da Daƙiƙa Ɗaya Cif

Shin ko kun san cewa ATmega328P, maikurokwanturolar da ke kan allon Arduino Uno, ba ta san daƙiƙa ba? Bugu kawai ta sani. Agogonta na bugawa sau 16,000,000 a daƙiƙa guda, aikin taima kuma shi ne ƙirga bugun nan ɗaya bayan ɗaya. Duk jinkirin da kuke so, sai kun mayar da shi yawan bugu.

Shin ko kun san cewa taimar ba ta iya ƙirga wannan miliyoyin? Timer1, wadda ta fi sauran girma, tana farawa daga 0 ta tuƙe a 65,535. Idan aka sake ta da gudun agogo, cikin milidaƙiƙa 4 da 'yan kai ta cika ta koma sifili. Shi ya sa aka ajiye firiskela a gabanta, wato mai rage bugu. In kuka saita shi a 256, sai agogo ya buga sau 256 kafin taima ta ƙara ɗaya. Zaɓi biyar ne ga Timer1: 1, 8, 64, 256 da 1024.

To, mu nemi daƙiƙa ɗaya. Da firiskela 64, bugun da zai isa ga taima 250,000 ne, ya fi ƙarfinta. Da 256 kuwa 62,500 ne, ya shiga, kuma rabon bai bar saura ba. Sai a sa taimar a tsarin CTC, inda take komawa sifili da kanta duk lokacin da ta kai lambar da ke cikin `OCR1A`:

```
// OCR1A = 16000000 / 256 - 1
TCCR1A = 0;
TCCR1B = (1 << WGM12) | (1 << CS12);
OCR1A = 62499;
TCNT1 = 0;
```

Kada ku raina layin `TCCR1A = 0`. Arduino na riga ku saita Timer1 a wani tsari tun da aka kunna allo, in ba a share shi ba CTC ba zai kama ba.

Shin ko kun san dalilin da ya sa 62,499 ne, ba 62,500 ba? Sifili ma ƙirga ne. Daga 0 zuwa 62,499 taki 62,500 ne daidai. Mutane da yawa na ganin wannan ɗayan ba komai ba ne, kuma a nan ɓarnarsa kaɗan ce, kusan daƙiƙa 1.4 a kwana. Amma ku duba Timer0, wadda ke tuƙewa a 255. Milidaƙiƙa ɗaya da firiskela 64 taki 250 ne, don haka 249 za a rubuta. Wanda ya rubuta 250 ya ƙara taki ɗaya a kan kowane 250. Agogonsa zai riƙa yin baya da kusan minti 6 a kwana. Ido ba ya gane wannan a ƙiftawar fitila, sai an bar na'urar ta kwana an gwada ta da agogon waya.

Shin ko kun san cewa babban firiskela na iya hana ku samun daidai? Milidaƙiƙa ɗaya da 1024 taki 15.625 ne, taima kuwa ba ta san ɓarin taki ba. In kuka ɗauki 16, kun sami milidaƙiƙa 1.024, kuskuren kashi 2.4 cikin 100. Ni dai shawarata, ku fara da firiskela mafi ƙanƙanta da lambarsa ta shiga cikin taima, ku tabbata rabon ya fita ba saura. In ya ƙi fita, ku gwada na gaba.

Jinkiri mafi tsawo da Timer1 za ta bayar a zagaye guda daƙiƙa 4.19 ne. Mai son minti ɗaya sai ya ƙirga daƙiƙa 60 a cikin furogiram.

Shin ko kun san cewa sabuwar ATmega328P daga masana'anta na gudu ne a bugu 1,000,000 kacal? Agogonta na ciki 8,000,000 ne, fiyus ɗin `CKDIV8` kuma ya raba shi gida takwas. In kuka ga fitilar da ya kamata ta canja duk daƙiƙa tana ɗaukar daƙiƙa 16, lissafinku lafiya lau yake, fiyus za ku duba.

Masu haɗa agogo kuwa kiristal mai bugu 32,768 suke jona wa Timer2. A raba shi da firiskela 128, ya ba da 256, wanda shi ne cikakken zagayen Timer2, daƙiƙa ɗaya ba ragi ba ƙari.