Albashi Zai Makara: Yadda Ake Faɗa Wa Ma'aikata Baki Da Baki

Shirin yau na duk wanda yake da mutane a ƙarƙashinsa ne, ko da mutum biyu ne a shagon ɗinki, ko malamai biyar a makarantar unguwa. Wata rana sai ka tsaya a gabansu ka ce musu albashi ba zai shigo kan lokaci ba. Ni sau biyu na yi wannan tsayuwar. Ta farko na ɓata, ta biyu na gyara, kuma abin da ya bambanta su shi zan ba ku yau.

Ina jagorantar wata ƙaramar ƙungiyar matasa da ke koyar da sana'a. Mu tara ne, har da ni. Albashinmu yana fitowa ne daga tallafin da ake turo mana kashi-kashi, kuma ba a sakin sabon kashi sai an gama duba rahoton kuɗin wanda ya gabata. Karo na farko da aka samu jinkiri, na sani tun ranar 20 ga wata, amma na yi gum ina fatan abin zai warware da kansa. Sai ranar 30 na tara mutane. Na fara da godiya, na shiga tsadar rayuwa, na gangara kan yadda ake duba rahoto, na koma kan muhimmancin haƙuri. Na fi minti bakwai ban faɗi abin da ya tara mu ba. Sai akantarmu ta katse ni ta ce, “Shugaba, don Allah, korarmu za a yi ne?” Kun ji fa. Ina ganin sassauta musu nake yi, ashe tsoro nake dasa musu wanda ya fi labarin kansa muni. Da na faɗa kuma, sai na faɗa a guje, na rufe da “insha Allahu nan ba da jimawa ba”. Kowa ya fita da tasa fassarar. Wani ya ɗauka kwana biyu ne, ya je ya yi wa mai gidan haya alkawari, ya ji kunya.

To me ya faru a nan? Da zarar ka ce “a taru, akwai magana”, kuma aka ga fuskarka, kowa ya san ba alheri ba ne. Labarin zuciya a tambayi fuska. Daga wannan lokacin ba bayaninka ake saurare ba, jiran bugun ake yi. Duk abin da ka faɗa kafin labarin, zuba ruwa ne a rariya. Shi ya sa tsarin da ya fi aiki shi ne: sallama da gaisuwa gajeru, jimla ɗaya ta gargaɗi, sannan labarin. Wannan jimlar gargaɗin daga likitoci aka aro ta. Wani likitan ciwon daji, Robert Buckman, ya yi rubutu sosai kan yadda ake sanar da maras lafiya mummunan sakamako, kuma cikin abin da ake koya wa likitoci akwai cewa a fara da jimla guda da za ta shirya zuciyar mai sauraro, a faɗi gaskiyar da kalmomin da kowa zai gane, sannan a dakata.

Karo na biyu, bayan wata bakwai, ga abin da na yi. Ranar Laraba 22 ga wata na tabbatar kuɗin ba zai iso kafin ƙarshen wata ba. Washegari da ƙarfe tara na safe na tara kowa. Ban bari sai lokacin tashi ba, don kada mutum ya tafi gida da tambaya a ciki babu wanda zai yi wa. Na zauna, ban tsaya a kansu ba. Bayan sallama na ce: “Na tara mu ne kan albashi, kuma labarin ba mai daɗi ba ne. Albashin wannan watan ba zai shigo ranar 28 ba. Ranar da nake sa ran biya ita ce 12 ga wata mai zuwa. Ba a rage wa kowa ko sisi ba, kuma ba a sallami kowa ba.” Duka-duka bai kai daƙiƙa talatin ba.

Ku lura da abin da ke cikin waɗannan jimlolin. Na ambaci kalmar albashi da sunanta, ban ce “'yar matsala” ko “wani ɗan tsaiko” ba. Na faɗi ranar da ba za a biya ba da ranar da ake sa rai. Sannan na rufe ƙofar tsoro biyu da na san suna ran kowa, wato ragi da kora. Amma fa kada ka faɗi wannan jimlar ta ƙarshe sai in gaskiya ce. In akwai yiwuwar ragi, ka ce ba a yanke hukunci ba tukuna, ka faɗi ranar da za a yanke.

Bayan nan sai na yi shiru. Wallahi wannan shi ne wuri mafi wuya. Na ƙirga ɗaya zuwa bakwai a zuciyata, a hankali. Daƙiƙa bakwai a ɗakin da kowa ya sunkuyar da kai ji za ka yi kamar awa guda, bakinka zai riƙa ƙaiƙayi. Ka daure. A cikin wannan shirun mutane lissafi suke yi: kuɗin makaranta, adashi, bashin mai shago, maganin Mama. In ka ci gaba da zuba a lokacin, babu wanda zai ji ka, kuma gobe sai ka maimaita wa kowa ɗaya bayan ɗaya. Game da sauri kuma, mai jin kunya ko tsoro bakinsa gudu yake yi, muryarsa tana shigewa ciki a ƙarshen jimla, daidai wurin da kwanan watan yake. Yadda za ka gane kana gudu shi ne in ka haɗa jimla biyu da numfashi ɗaya. Jimla ɗaya, numfashi ɗaya. Lambobi kuwa ka faɗe su sau biyu.

Sai dalili, kuma jimla biyu ko uku sun isa. Na ce: “Masu ba mu tallafi sun dawo da rahotonmu saboda rasit uku da ba su cika ba. Ni ne ya kamata in duba kafin a tura, ban duba da kyau ba. Mun gyara mun mayar ranar Litinin.” Akwai bambanci tsakanin “an samu matsala” da “ban duba ba”. Hausa tana ba mu wannan “an” ɗin da mutum zai ɓuya a bayansa: an yi jinkiri, an ce a jira. Ma'aikaci yana ji ya san ɓuya kake yi. In laifin naka ne, ka ce “ni”. In ba naka ba ne, ka faɗi abin da ya faru ba tare da ka jefa wani ƙaramin ma'aikaci a bakin mutane ba.

Kada wani ya ɗauka wannan bayanin ado ne kawai. A 1990 wani masani mai suna Jerald Greenberg ya wallafa bincike kan wasu masana'antu a Amurka da aka rage wa ma'aikatansu albashi da kashi 15 cikin ɗari na tsawon mako goma. A wata masana'antar an yi wa ma'aikata cikakken bayani cikin nuna damuwa, a wata kuma an sanar da su a taƙaice babu kulawa. Ragin iri ɗaya ne, amma satar kayan aiki ta fi ƙaruwa a inda ba a yi bayani mai kyau ba. Wato yadda ka faɗa yana bin ka har cikin sito.

Daga nan sai abin da ke hannu. Albashinmu gaba ɗaya naira dubu 900 ne, a asusu kuma akwai dubu 360 da muke da ikon taɓawa. Na ce: “Mutum uku masu ƙaramin albashi za su karɓi nasu cikakke ranar 28, dubu 70 kowanne, dubu 210 ke nan. Ragowar dubu 150 za a raba wa mutum biyar, dubu 30 kowanne, a cire daga albashinsu in ya zo. Ni ba zan karɓi komai ba sai ranar da kowa ya karɓa.” Ban faɗi haka don a yaba mini ba, kuma jimla ɗaya na yi na wuce. Shugaban da ya tsaya yana ba da labarin tasa wahalar ya juya taron ya koma kansa, har ma'aikata su koma lallashinsa.

Yanzu maganar kwanan wata, don a nan mutane da yawa suke faɗuwa. Masu tallafin sun ce mini kuɗin zai iya shigowa ranar 5. Ni na ce 12. Ka ba da ranar da kake da ƙarfin gwiwa a kanta, ba ranar da kake fata ba, domin alkawari kaya ne. In kuma ba ka da rana kwata-kwata, kada ka ƙirƙira. Ka ce, “Ba ni da ranar biya a hannu yanzu, amma ranar Litinin da ƙarfe goma zan gaya muku inda aka kwana, ko da babu sabon labari.” Sai ka cika. Insha Allahu kuwa a faɗe ta, amma tare da rana. “Ranar 12 insha Allahu” magana ce. “Insha Allahu kwanan nan” kuwa, kowa ya san yadda ake amfani da ita a kauce wa tambaya.

Kalmomi uku da na daina faɗa a irin wannan zama. Na farko, “ku gode wa Allah kuna da aikin ma”. Albashi haƙƙi ne, ba kyauta ba, kuma dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi cewa kada tazarar biyan lada ta wuce wata guda. Na biyu, “mu nan 'yan uwa ne”, domin a wannan lokacin ji ake kamar toshe baki ne. Na uku, “na san yadda kuke ji”. Ba ka sani ba. “Ku yi haƙuri” kuma sau ɗaya ta isa, bayan ka faɗi labarin, ba kafin ba.

Da na buɗe fagen tambaya, mai koyar da ɗinki ya ɗaga murya ya ce, “Oga, kullum haka za a riƙa yi mana?” Ban kare kaina ba. Na ce, “Malam, kana da gaskiya, karo na biyu ke nan. Daga yanzu mutum biyu za su duba rahoto kafin a tura.” Baba maigadi bai ce uffan ba a taron, don haka na same shi a bakin ƙofa na maimaita masa cewa nasa zai shigo cikakke. Ba kowa ne zai yi tambaya a gaban jama'a ba. Kafin azahar na tura saƙo a rukuninmu na WhatsApp, layi huɗu, da ranaku da lambobi iri ɗaya da na faɗa da baki.

Yadda za ka gane saƙon ya shiga: ka tambayi mutum ɗaya bayan an tashi, “Wace rana na ce?” In ya ce 12, ka yi daidai. In ya ce “ai ka ce kwanan nan”, koma ka sake.

Kuɗin ya shigo ranar 9, alat ya fara shiga wayoyi da yamma. Mu haɗu a shiri na gaba. Na bar ku lafiya.