Kafin Gyara da Bayan Gyara: Hoton da Ba Ya Yi wa Tela Ƙarya

Duk mai bin shafukan teloli a Instagram ya saba da irin wannan talla. A hoto na farko mutum ne tsaye cikin duhu-duhu, ya saki kafaɗa, kaftaninsa duk ya yamutse kamar daga ƙasan akwati aka zaro shi. Da an ja allo da yatsa sai ga mutumin nan a hasken tsakar gida, ya bankaro ƙirji, riga ta sha guga, har da hula da agogo. Ana so mai kallo ya ce tela ya iya aiki. Amma wanda ya san ɗinki zai lura cewa abubuwa biyar ko shida ne suka sauya a tsakanin hotunan, kuma ba lalle ne aikin allura ya kasance babba a cikinsu ba.

Irin wannan jerin hotuna, wanda ake kira carousel, Instagram ta fito da shi a 2017 da damar sanya hoto 10 a wuri guda, daga baya a 2024 ta ƙara zuwa 20. Ya yi wa masu gyaran kaya daidai, domin ido yana kwatanta hoto biyu nan take idan ɗaya ya maye gurbin ɗaya. Wannan saurin kwatancen ne kuma ya sa ha'inci ke da sauƙi a cikinsa. Ƙa'idar da tela mai gaskiya yake bi ita ce kada komai ya bambanta a hotunan biyu in ban da aikin da ya yi.

A ɗauka wani ya kawo kaftanin shadda da aka ba shi kyauta, ya yi masa yawa. Tela ya sa tef ya tarar kafaɗar rigar inci 19 ce alhali ta mai ita 17 da rabi ce, hannu ya zarce wuyan hannu da inci biyu, jikin kuma yana lilo. Kafin ya taɓa almakashi sai ya goge rigar tukuna. Nan ne da yawa suke zamewa, don riga mai yamutsi tana ƙara wa hoton farko muni a kyauta. To amma yamutsi ba aibin ɗinki ba ne, kuma mai guga ma yana iya kawar da shi.

Daga nan sai wurin tsayawa. Ya zaɓi bango fili a inuwa, kusa da ƙofa ko taga, ya yi alama da alli a ƙasa inda kwastoma zai ajiye ƙafa, ya yi wata inda shi zai tsaya, kamar mita biyu zuwa uku tsakani. Waya ta kasance daidai ƙirjin wanda ake ɗauka, a miƙe, ba a karkace ba. Dalili shi ne kyamarar waya tana da faɗin gani, abin da ya fi kusa da ita ya fi girma. In aka durƙusa aka ɗauka daga ƙasa, mutum ya kan yi tsawo, riga ta zuba masa. In aka ɗaga wayar sama, kai ya yi girma, ƙafafu su gajarce, rigar ta zama kamar ta aro. Saboda haka idan hoton farko a 1x aka ɗauka, na biyu ma a 1x, kuma a guji 0.5x gaba ɗaya, don yana miƙar da duk abin da ke gefen hoto.

Haske ya fi wuyar sha'ani, musamman ga shadda. Ƙyallinta yana sauyawa da inda haske ya fito, kuma kwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana mai da farar shadda ruwan madara, shuɗiya kuma ta dushe. Wayar ma tana yin nata gyaran launi ba tare da an tambaye ta ba. Mafita ita ce a ɗauki hotunan biyu a lokaci ɗaya na yini, a ce wa kwastoman da ya zo da hantsi ya dawo karɓa da hantsi. A kashe filta da abin gyaran fuska, wanda wasu wayoyi ke zuwa da shi a kunne. Idan hoton ya yi duhu ba laifi a ƙara masa haske, muddin an ƙara wa duka biyun daidai wa daida kuma launin yadin bai tashi daga yadda ido ke ganinsa ba.

Abin da ya wuce wannan ya shiga ruɗi. Akwai masu kama bayan riga da fil ko abin shanya don ta ɗame daga gaba. Akwai masu matse ƙugu da manhajar gyaran hoto, ko su shafe tattarar da ta taru a hammata. Ana gane su kuwa. Layin tayil ko gefen ƙofa da ke bayan mutum yakan lanƙwashe daidai inda aka matse, zanen atamfa yakan karkace, yadi kuma ya yi sumul har saƙarsa ta ɓace. Tela da ba ya taɓa nuna bayan riga, shi ma akwai ayar tambaya a kansa.

Shi ya sa tsarin jerin yake da muhimmanci. Hoton farko ya haɗa biyun gefe da gefe, da rubutu ƙarara a kan kowanne, saboda mutane da yawa ba sa jan allo, kuma wanda ya ga tsohuwar rigar ita kaɗai zai iya zaton ɗinkin shagon ne. A yanke duka a ma'auni ɗaya, misali 4:5, don kada manhajar ta datse kafaɗa ko gindin riga. Sai gaba, sai gefe, sai baya, kowanne kafin da bayan. Sai hoton kusa na kafaɗar da tef a kanta yana nuna 17 da rabi. Ɗan gajeren bidiyo na mutumin yana ɗaga hannu yana zama ya fi kowane hoto faɗin gaskiya, domin rigar da ta yi kyau a tsaye tana iya shaƙe hammata da zarar an miƙa hannu za a gaisa.

Akwai kuma abin da gyara ba ya iyawa, kuma ya kamata a gan shi. Shadda tana riƙe sawun allura, in aka farke tsohon ɗinki ramukan kan rage. A kaftanin nan an rage hannu daga sama, wajen kafaɗa, don kada a taɓa aikin da ke bakin hannun, amma faɗin aikin wuya yana nan yadda yake, ya ɗan fi ƙarfin sabuwar kafaɗar. Tela ya ɗauki hoton wurin ya rubuta a ƙasa: an rage kafaɗa inci ɗaya da rabi, hannu inci biyu, ba a taɓa wuya ba. Mai irin wannan rigar a gida ya san abin da zai samu tun kafin ya hau adaidaita sahu, ba sai ranar jajiberin Sallah an tsaya cacar baki a bakin shago ba. A Najeriya ma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana tallan da ke ruɗin mai saye, kuma ba ta ware ƙananan shaguna ba.

Saura izini. Biyan kuɗin ɗinki bai ba tela damar watsa hoton mutum ba, ballantana na mace, wadda a gidaje da yawa maganar ba tata ce ita kaɗai ba. Ya tambaya tun ranar awo: "Hajiya, in kin yarda zan ɗauki rigar a jikinki daga wuya zuwa ƙasa, ba fuska, ba suna." In ta ƙi, sai mutum-mutumi, amma a rubuta cewa a jikinsa aka ɗauka, tun da awonsa ba nata ba ne, kuma a nuna bayansa don a ga babu fil.