Tambaya Ɗaya, Amsa Uku: Yadda Ake Neman Farashi Kafin a Kashe Kuɗin Jama'a

Duk wanda aka taɓa damƙa wa kuɗin jama'a domin ya yi sayayya, ko na ƙungiyar iyaye da malamai ne, ko na kwamitin masallaci, ko na asibitin unguwa, ya san shawarar da ake fara ba shi: "Kada ka saya a wuri ɗaya, ka zaga ka ji farashi." Shawara ce mai kyau, amma ba ta cika ba. Idan ka je wurin kafinta uku ka ce wa kowanne, "Nawa za ka yi mana benci ɗari?" za ka dawo da farashi uku waɗanda ba su da alaƙa da juna, domin kowane kafinta bencin da ke cikin kansa ya yi wa kuɗi. Maganin wannan shi ne takardar neman farashi: takarda guda, mai bayani guda, da ake aika wa masu kaya da yawa a rana guda, domin kowa ya amsa tambaya iri ɗaya.

A Najeriya wannan hanya tana cikin doka. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta amince wa ma'aikatun tarayya su bi ta wajen sayayyar da kuɗinta bai wuce wani ƙayyadadden adadi ba. Ta ce a nemi farashi daga aƙalla mutum uku waɗanda ba su da alaƙa da juna, a gaya wa kowa ko zai haɗa kuɗin dako da haraji a ciki, kowa ya ba da farashi sau ɗaya ba tare da sauyawa ba, kuma ba a zama a yi ciniki da kowa bayan ya miƙa. Dokar ba ta hau kan kwamitin unguwa ba, amma hikimar da ke cikinta ta dace da kowane kuɗin amana.

Mu ɗauki misali. A ce ƙungiyar iyaye da malamai ta wata firamare ta tara kuɗi za ta sayi benci 100, irin mai haɗe da tebur, mai ɗaukar yara uku. Aikin farko, kuma mafi nauyi, shi ne siffanta bencin yadda ba zai ɗauki fassara biyu ba. Sai a rubuta cewa tsawonsa santimita 120 ne, ƙafafunsa na ƙarfen bututu mai kusurwa huɗu wanda kaurinsa ya kai milimita 1.2, mazauninsa da saman teburin kuma busasshen jan katako mai kaurin inci ɗaya, ba filawud ba. A faɗi cewa za a shafa wa ƙarfen fentin hana tsatsa kafin fentin ado. Idan kwamitin bai san waɗannan ƙa'idoji ba, ya nemi wani mai walda ko kafinta wanda ba zai shiga takarar ba, ya duba wani tsohon benci da ya jure wa yara shekaru, ya auna shi, a rubuta abin da ya auna. A guji kalmomi irin su "mai kyau" ko "mai inganci", domin babu mai sana'ar da zai ce nasa ba shi da kyau.

Bayan siffar kaya sai sharuɗɗa, kuma a nan ne kuɗi ya fi ɓuya. Takardar ta ce farashin ya ƙunshi dako da lodi da saukewa har cikin harabar makaranta, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ga wanda yake cajinsa. Ta faɗi kwanakin da za a kawo kayan a cikinsu, da nawa za a bayar kafin alƙalami, da cewa ragowar sai an ƙirga an duba. Ta kuma nemi mai kaya ya amince farashinsa zai tsaya na tsawon kwana 30, tunda kuɗin ƙarfe da katako ba sa zama wuri ɗaya. A ƙarshe a sa rana da lokacin rufe karɓa, a ce kowa ya kawo amsarsa a cikin ambulan a liƙe. Ya fi kyau a haɗa da ɗan jadawali da kowa zai cike: kuɗin benci ɗaya, kuɗin dako, haraji, jimilla. Idan wani daga cikinsu ya kira ya yi tambaya, amsar da aka ba shi a aika wa sauran ma.

Ranar buɗewa, mutum uku ko fiye na kwamitin su zauna tare, a buɗe ambulan ɗin a lokaci ɗaya, a karanta adadin a fili, kowa ya sa hannu. A ce na farko ya rubuta naira 28,000 kowane benci, na biyu 30,500, na uku 24,000. Ido zai fara tafiya kan na uku, amma ba da kuɗi ake fara dubawa ba. Ana fara tambayar ko amsar ta yi daidai da abin da aka nema. Da aka karanta, sai aka ga na ukun filawud zai sa, ƙarfensa kuma milimita 0.8 ne. Wannan wani benci ne daban, don haka a ajiye takardarsa gefe, a rubuta dalili. Araha ba ta ado, balle a ajin da yara ke hawa da sauka kullum.

Saura biyu. Na farko jimillarsa naira 2,800,000, sai dai ya rubuta a ƙasa cewa ban da haraji da dako. Harajin ya kama 210,000, dakon kuma ya sa shi 150,000, gaba ɗaya 3,160,000. Na biyu ya haɗa komai a cikin 3,050,000. Ashe wanda ya fi tsada a kallon farko shi ne ya fi sauƙi da naira 110,000. Da a baki aka yi tambayar, da ba a gane haka ba sai ranar da mota ta tsaya a ƙofar makaranta direba yana neman kuɗinsa.

Akwai hanyoyin da ake lalata wannan tsari, kuma suna barin alama. Mafi yawa shi ne mutum ɗaya ya kawo takardu uku da sunayen kamfanoni uku. Ana gane shi da lambar waya ko adireshi iri ɗaya, da rubutun hannu mai kama da juna, da kuskuren rubutu guda da ya bayyana a takardu biyu, ko asusun banki mai suna ɗaya. Ana iya duba rajistar kamfani a shafin hukumar CAC, amma zuwa shagon a ga injin walda da ma'aikata ya fi komai gamsarwa. Hanya ta biyu ita ce ɗan kwamiti ya tsegunta wa nasa farashin wasu. Idan kullum mutum ɗaya ne ke kawo takardarsa a ƙarshen lokaci kuma yana cin nasara da ɗan rata kaɗan, a binciki wanda ke ajiye ambulan ɗin.

Tsarin yana da iyaka. Ya dace da kayan da za a iya auna su a siffanta su, kamar benci, siminti, takarda ko batir. Bai isa ba wajen babban gini ko aikin da gwanintar mai yi ta fi farashi muhimmanci. Irin wannan sai an tallata a fili kowa ya nema. Kuma takardar ba ta gama aikinta ranar buɗe ambulan. Kafin a fara aiki gaba ɗaya, wanda ya ci ya kawo samfuri guda, a auna shi, a ajiye a ofishin hedimasta. Ranar da kaya suka iso, a fito da takardar da samfurin da tef ɗin awo, a duba benci ɗaya cikin kowane goma. Wanda bai yi daidai ba a mayar, kuma kada a biya ragowar kuɗi sai an musanya shi.