Lambar e: Inda Ninkin Riba Yake Cin Birki

A shekarar 1683 wani masanin lissafi ɗan birnin Basel na ƙasar Suwizalan, Jacob Bernoulli, ya tsaya a kan wata tambaya ta masu ba da bashi da ruwa. An san hukuncin kuɗin ruwa a addini, kuma ba cinikin ne ya dame mu a nan ba. Lissafin da ya fito daga tambayar ya shafi duk abin da ƙaruwarsa take sake haifar wata ƙaruwa, kamar ƙwayoyin cuta ko yawan jama'a.

Ga tambayar, da naira don sauƙin ganewa. Mutum ya ajiye naira 1,000 a kan za a ba shi ribar kashi ɗari cikin ɗari a shekara. In sau ɗaya za a lissafa, a ƙarshen shekara yana da 2,000. To, in aka raba shekarar biyu fa, kowane wata shida a ƙara masa rabin abin da ke hannu? A tsakiyar shekara kuɗin ya zama 1,500, a ƙarshe a ɗora rabin 1,500 ɗin, ya tashi 2,250. In duk wata uku ne, 2,441. In duk wata ne, 2,613. In kullum ne, 2,714 da 'yan kwabbai. Ƙa'idar ba ta sauyawa: a raba shekara gida n, a kowane gida a ninka kuɗin da 1 + 1/n, a yi haka sau n. Masu lissafi suna rubuta shi haka: (1 + 1/n)^n.

Abin lura shi ne yadda ƙarin yake ta ƙanƙancewa. Daga lissafi sau ɗaya zuwa sau biyu an samu naira 250. Daga duk wata zuwa kullum, wajen naira 101 kacal. In aka koma duk awa, wato sau 8,760 a shekara, kuɗin 2,718 da kwabo 13 ne. A raba shekarar gida miliyan, 2,718 da kwabo 28. Kamar akwai wani bango da kuɗin yake matsowa kusa da shi amma ba ya tsallakewa.

A nan mutane sukan kasu biyu, kuma duka ɓangarorin kuskure suke yi. Wasu su ce ai 1/n yana ƙaranta har ya kusa zama sifiri, saboda haka abin da ke cikin baka ɗaya ne, ɗaya kuwa ko sau nawa aka ninka shi da kansa ɗaya ne. Wasu su ce ai lambar ta ɗara ɗaya, duk lambar da ta ɗara ɗaya kuwa in aka yi ta ninka ta da kanta ba ta da ƙarshe. Kowanne ya riƙe n guda ya saki ɗayan, alhali tare suke tafiya. Ƙarin kowane mataki yana raguwa daidai gwargwadon yadda matakan suke yawa.

Jerin lambobi dai ba hujja ba ne. Wa ya ce in n ya kai biliyan kuɗin ba zai lallaɓa ya wuce 3,000 ba? Hujjar da ke toshe wannan ita ce, a ganina, mafi kyawun abin da ke cikin maganar, kuma ba ta fi ƙarfin kowa ba. A rarraba kuɗin ƙarshen shekara bisa asalinsa, kamar zuri'a: uwar kuɗi, 'ya'yan da ta haifa, jikoki, tattaɓa-kunne, har ƙasa.

Mu ɗauki lissafin wata-wata. Uwa 1,000 ce. Ribar da ita kanta ta haifa cikin wata goma sha biyu 1,000 ce, kuma ko gida nawa aka raba shekara hakan take. Jikoki, wato ribar da riba ta haifa, naira 458 ne. Tattaɓa-kunne 127, na bayansu 24, sai 3, saura ba su kai naira ba. Jimilla 2,613, kamar yadda muka gani.

Me ya sa jikoki ba su kai 1,000 ba? Saboda 'ya'yan ba a farkon shekara aka haife su duka ba. Ribar watan farko ta samu wata goma sha ɗaya tana aiki, ta watan ƙarshe kuwa ba ta samu ko kwana ɗaya ba. In aka daidaita, kowace riba ba ta cika rabin shekara tana haihuwa ba, don haka jikoki ba za su taɓa kai 500 ba, ko da duk daƙiƙa ake lissafi. Da irin wannan dalili, rufin tattaɓa-kunne shi ne kashi ɗaya cikin 6 na uwar kuɗi, na gaba ɗaya cikin 24, sai ɗaya cikin 120. Waɗannan lambobi daga 1×2×3, da 1×2×3×4, da 1×2×3×4×5 suka fito.

Yanzu a haɗa rufin duka: 1 + 1 + 1/2 + 1/6 + 1/24 + ... Daga 1/6 zuwa gaba, kowanne bai kai takwaransa a jerin 1/4, 1/8, 1/16 ba. Rabi da kwata da rabin kwata kuwa, duk yadda aka ci gaba, ba sa cika ɗaya. Ke nan jimillar ba ta kai 3 ba. A ɗaya gefen, duk lokacin da n ya ƙaru, kason jikoki da na bayansu yana ƙara matsawa kusa da rufinsa, sabbin zuri'a kuma suna shigowa, don haka jimilla hawa take yi kullum. Jerin lambobin da ke hawa, kuma akwai rufin da ba ya wucewa, dole ya nufi lamba guda tak. Ita ce maƙurarsa. Bernoulli ya nuna tana tsakanin 2 da 3.

Wannan ne ya sa ake cewa maƙurar ita ce ma'anar e. An tabbatar akwai lambar, kuma guda ce, sai aka raɗa mata suna. Leonhard Euler, shi ma haifaffen Basel, shi ya saka mata harafin e, wanda ya fito a littafinsa Mechanica na 1736. A 1737 ya tabbatar ba za a iya rubuta ta a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata cikakkiyar lamba ba. Don haka 2.718281828 farkonta ne kawai, kuma maimaituwar 1828 sau biyu dace ne, domin 459 ne ke biye. Cikakken bayaninta sai ta hanyar da ke kai wa gare ta.

Ba a kashi ɗari kaɗai take aiki ba. In ƙaruwar shekara r ce, (1 + r/n)^n yana nufar e^r. Da kashi 10 cikin ɗari, naira 1,000 za ta zama 1,100 in sau ɗaya aka lissafa, 1,104.71 in duk wata ne, kuma ba za ta wuce 1,105.17 ba ko yaya aka daddatsa shekarar.

Ga mai son gwadawa, akwai hanyar sanin nisan da ya rage. In ka ƙara ninki ɗaya, wato (1 + 1/n)^(n+1), amsar kullum tana saman e. Da n = 365 za ka samu 2.7146 a ƙasa da 2.7220 a sama, e tana tsakaninsu. Sai dai hanyar tana da nawa: kuskuren kusan e/(2n) ne, wato sai ka ninka n sau goma kafin ka ci lamba ɗaya ta gaskiya. Jerin rufin nan ya fi sauri nesa ba kusa ba, domin daga 1 zuwa 1/720, guda bakwai kacal, sun ba da 2.71806. Kada kuma a zaƙe da girman n. A yawancin manhajojin kwamfuta, in n ya kai 10^16, na'urar ba ta da gurbin riƙe ɗan ƙarin 1/n, sai ta mayar da 1 + 1/n ya zama 1, amsa ta fito 1. Tun kafin a kai can ma amsoshin sukan fara tangal-tangal, har wasu su haura 2.7183. Da ka ga haka, na'urar ce ta fara yanke lambobi, sai ka rage n.